Yadda ake dafa wake da miyar nama a akwatin ciyawa

Masu karatu da dama sun yi ta tambayar yadda ake wannan girkin da ake sauke tukunya daga wuta tun abinci bai nuna ba, a saka ta cikin akwati mai ciyawa, bayan wasu awanni kuma a buɗe a tarar da wake ya yi laushi. Abin da ya kamata a riƙe tun farko shi ne, akwatin ba ya samar da zafi ko kaɗan. Aikinsa kawai ya hana zafin da tukunya ta shigo da shi fita da sauri, kamar yadda kular abinci ke yi, sai dai shi tukunyar ce gaba ɗaya ake sakawa a cikinsa tana kan tafasa. Saboda haka nasarar girkin ta rataya ne a kan yawan zafin da aka tara kafin saukewa da kuma yadda aka tsare shi, kuma kusan duk kuskuren da ake yi yana komawa ga ɗayan biyun. Za a bi matakan ne da misalin tukunya mai cin lita 5 da farin wake kilo 1, wato abin da ya kai gwangwanin madara 7 ko kusa da haka.

1. Zaɓen tukunya

Tukunya ake fara zaɓa kafin akwati, domin da girmanta za a auna komai. Wadda ta fi dacewa ita ce mai kauri, irin tukunyar dalma, mai murfin da ke zama daram a bakinta ba ya rawa. Gajera mai faɗi daidai ta fi doguwa siririya, kuma gara mai ƙananan kunnuwa biyu da mai dogon mariƙi, saboda dogon mariƙi yana hana ciyawa rungumar tukunyar ta kowane gefe. Tukunya mai lita 5 yawanci faɗinta ba ya wuce santimita 24, tsayinta kuma wajen santimita 12 ne ban da murfi.

Hattara: murfin gilashi mai ɗan rami na fitar tururi ba ya aiki a nan, haka ma murfin da ya lanƙwashe ko faranti da aka kife a bakin tukunya. Tururin da ke sulalewa yana tafiya da zafi mai yawa, sannan ya jiƙa ciyawar, jiƙaƙƙiyar ciyawa kuwa ba ta riƙe zafi. Tukunyar ƙasa tana da riƙon zafi, amma da wuya a samu wadda murfinta ke rufuwa ruf, don haka ban cika ba da shawararta ba.

2. Akwati, abin cusawa da kuɗin da za a kashe

Ana buƙatar tazarar aƙalla santimita 10 tsakanin tukunya da jikin akwati ta ƙasa, ta sama da kuma kowane gefe. Ga tukunyar misalinmu, akwatin da faɗinsa ya kai santimita 45 zuwa 50, zurfinsa kuma santimita 35 zuwa 40, ya wadatar. Kwali mai kauri yana aiki, babban kwando yana aiki, haka tsohon akwatin katako ko rabin durom. Idan kwando ne, sai a shimfiɗa masa buhu ko jaridu daga ciki domin iska kada ta riƙa ratsawa ta saƙar.

Abin cusawa shi ne zuciyar aikin. Ciyawar kanta ba ta da wani zafi, iskar da ta maƙale a tsakanin zaruruwanta ce ke hana zafi wucewa, saboda iskar da ba ta motsi ba ta ɗaukar zafi da sauri. Shi ya sa duk wani busasshen abu mara nauyi mai ƙananan kafofi zai iya maye gurbin ciyawa: buntun shinkafa, garin katako na wajen kafintoci, auduga, audugar rimi, tsofaffin jaridu da aka cukuikuye ɗaya bayan ɗaya, ko guntayen yadi na wajen tela. Audugar rimi da auduga sun fi riƙe zafi, buntun shinkafa kuma ya fi sauƙin samu ga na kusa da injin casa, amma shi da garin katako dole a ɗura su a cikin buhu ko rigar matashi a ɗinke, in ba haka ba za su bi murfi su shiga abinci. Ƙaiƙayin gero yana riƙe zafi, sai dai ƙaiƙayin da yake sa wa fata ya isa a guje shi. Harawa kuwa tana da tsada, tana marmashewa, kuma dabbobi sun fi akwati buƙatarta.

Ta fuskar kuɗi, yawancin kayan nan ana samunsu a gida ko a karɓo kyauta. Abin da za a iya saya bai wuce yadin auduga mai kauri kamar yadi 2 ba, da ladan tela idan shi zai ɗinka matashin da za a rufe saman akwatin da shi. Wanda ya samu hali ya ƙara da ma'aunin zafin abinci, wanda ake tsomawa cikin miya, domin shi kaɗai ke raba gardama a mataki na 10.

Hattara: kada a yi amfani da leda, yadin roba ko farin soson nan mai marmashewa da ke zuwa cikin kwalin firji a inda zai taɓa tukunya kai tsaye. Gindin tukunyar da aka sauke daga wuta ya fi ruwan cikinta zafi, kuma zai iya narkar da su. Duk abin da zai taɓa tukunya ya zama auduga, ciyawa ko kwali.

3. Gina gurbin tukunya

A shimfiɗa jaridu ko kwali biyu a ƙasan akwatin, sannan a zuba ciyawa a danna ta da hannu sosai har kaurinta, bayan dannawa, ya kai santimita 10. Wannan dannawar tana da muhimmanci, domin tukunyar da ta cika tana da nauyin kilo 5 zuwa 6, kuma ciyawar da aka bari sako-sako za ta lotsa ta koma rabi da zarar an ɗora mata nauyi. A kan ciyawar a aza wani zagayayyen kwali mai kauri ko faifai, wanda gindin tukunya zai zauna a kai.

Daga nan sai a shimfiɗa yadin, a ɗora tukunyar babu komai a tsakiya da murfinta, a tattaro yadin sama ya lulluɓe ta, sannan a riƙa cusa ciyawa a kewaye ana dannawa har ta kai daidai bakin murfi. Sai a buɗe yadin, a baza shi a kan ciyawar, a cusa gefunansa tsakanin ciyawa da jikin akwati ko a ɗinke su. Idan aka zare tukunyar a hankali za a ga ta bar gurbi daidai jikinta, kuma wannan gurbin na wannan tukunyar ne kaɗai. In wata rana aka saka ƙaramar tukunya a ciki, dole a cike tazarar da tawul.

Abu na ƙarshe shi ne matashin rufi. A ɗinka shi daidai faɗin bakin akwatin, a cusa shi har kaurinsa ya kai santimita 10 zuwa 15, ya zama yana shiga da ɗan matsi. Zafi sama yake tashi, don haka akwatin da aka kyautata gefunansa amma aka rufe samansa da siririn zane bai kammalu ba.

4. Gwaji da ruwa kafin a saka abinci

Kada a fara da nama. A cika tukunyar da ruwa, a bar tazarar yatsa biyu daga baki, a tafasa shi minti 5 a rufe, a saka a akwati, a bar shi awa 4 ba tare da an taɓa ba. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100 a ƙasa mai kwari, a wuri mai tudu kamar Jos kuwa wajen digiri 96. Akwatin da aka gina da kyau ya kamata ya dawo da ruwan yana sama da digiri 70 bayan awa 4. Wanda ba shi da ma'auni ya lura da alamu biyu: murfin ya kasance ba ya ɗaukuwa da hannu sai da tsumma, kuma tururi ya taso da ƙarfi idan an buɗe. Ana kuma iya shafa jikin akwatin daga waje bayan awa ɗaya, duk inda aka ji ɗumi sosai, ta nan zafi ke gudu, sai a ƙara ciyawa a wurin.

5. Jiƙa wake da auna ruwa

A tsince waken, a wanke, a jiƙa shi awa 6 zuwa 8 ko a kwana da shi a ruwa. Masu dafa wake a murhu da yawa ba sa jiƙawa, suna barin wuta ta yi aikin, amma a nan jiƙawar ce ke cike gurbin wutar da za a rage. Busasshen wake sai ya fara shan ruwa har cikinsa kafin ya soma nuna, kuma idan aka bar wannan ga akwati, zafin zai ƙare a shan ruwa, a buɗe a tarar da wake mai taurin tsakiya. A lokacin zafin bazara a rage jiƙon zuwa awa 5 ko 6, ko a canza ruwan sau ɗaya, domin yana saurin yin kumfa da tsami.

A zubar da ruwan jiƙon. Kilo 1 na wake idan ya sha ruwa yakan ninka, ya cika kusan rabin tukunya mai lita 5. A zuba sabon ruwa har ya shanye kan waken da yatsa biyu kawai, wato santimita 3 zuwa 4. Wannan ya yi kaɗan ga wanda ya saba da murhu, inda ake tsayawa ana ƙara ruwa, amma a cikin akwati ruwa ba ya ƙonewa, abin da aka zuba shi za a tarar, in ban da wanda waken ya shanye. Da wannan awon tukunyar za ta cika zuwa kashi uku cikin huɗu ko sama kaɗan, kuma haka ake so.

Hattara: tukunyar da ba ta kai rabi ba ba ta da zafin da zai kai ta awa 4. Ruwa da abinci su ne rumbun zafin, iskar da ke saman tukunya ba ta ajiye komai. Mai dafa gwangwani 2 na wake ya nemi ƙaramar tukunya da zai cika, maimakon ya jefa su a gindin babba.

6. Tafasawa

A ɗora tukunya a wuta mai ƙarfi har ta tafasa, a kwashe kumfar da ta taso, a zuba albasa, sannan a rufe a rage wuta yadda za ta ci gaba da tafasa ba tare da ta yi ambaliya ba. Daga lokacin da tafasar ta kankama ake fara ƙirga, ba daga lokacin da aka kunna wuta ba. Farin wake da aka jiƙa yana buƙatar minti 15 zuwa 20. Manufar ita ce kowace ƙwaya ta yi zafi har tsakiyarta, tukunyar da murfinta su ma su ɗauki zafi, domin duk abin da ya shiga akwati da sanyi zai ci daga zafin sauran.

Minti 5 na ƙarshe kada a ɗaga murfi ko sau ɗaya. Duk abin da za a zuba, gishiri ne ko ɗanɗano, a zuba shi kafin nan. Gishiri daidai misali ba ya hana jiƙaƙƙen wake nuna. Abin da ke hana shi nuna shi ne tsami, don haka tumatir, tsamiya ko lemon tsami su jira sai waken ya yi laushi. Mai shirin faten wake ya dafa waken zallansa a akwati, ya soya kayan miyarsa daban, ya haɗa su a wuta minti 10 daga baya.

Batun kanwa kuwa, a nan ba a cika buƙatarta ba. Idan waken tsoho ne mai gardama, a zuba ɗan ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa da bai wuce rabin abin da aka saba ba, domin za ta yi awanni tana aiki a rufe, kuma idan ta yi yawa waken zai dame, ya yi duhu, ɗanɗanonsa ya canza.

Hattara: jan waken nan mai siffar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna yana ɗauke da wani sinadari mai sa amai da gudawa, wanda tafasa mai ƙarfi ce kawai ke kashe shi. Zafin akwati shi kaɗai ba ya isa. Dole a jiƙa shi, a zubar da ruwan, a tafasa shi da gaske aƙalla minti 10, kuma na fi son a kai minti 30 kafin a sauke. Waken soya ma a ba shi minti 30.

7. Daga wuta zuwa akwati

Kafin a sauke, a kawo akwatin kusa da murhu, a cire matashin, a tanadi tsumma biyu. A ɗauki tukunyar tana kan tafasa, a zura ta cikin gurbinta, a rufa mata yadin, a danna matashin, a rufe akwatin. Duk wannan kada ya wuce rabin minti. Ajiye tukunya a kan siminti ko ƙasa domin a je neman tsumma yana zuƙe zafin gindinta nan take.

Hattara: masu girki da itace ko gawayi su duba gindin tukunya da kyau kafin su saka ta. Ƙaramin garwashi ɗaya da ya maƙale zai iya cin ciyawa ko auduga a hankali ba tare da harshen wuta ba, sai hayaƙi ya tashi bayan kowa ya bar wurin. A goge gindin da tsumma mai ɗan danshi sau ɗaya da sauri, kuma bayan an rufe a janye akwatin daga kusa da murhu, a ajiye shi inda yara ba za su hau ko su buɗe ba.

8. Jira

Farin wake yana buƙatar awa 3 zuwa 4. Idan an jiƙa shi da daddare, aka ɗora da ƙarfe 7 na safe, zai tafasa wajen 7:15, a sauke 7:35, a buɗe tsakanin 11 da 11:30. Wutar da aka ƙona ba ta kai minti 40 ba, alhali waken da ba a jiƙa ba yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu a kan murhu. Ba ya kamawa, ba ya ƙonewa, kuma ba ya buƙatar mai tsaro.

Doka ɗaya ce a wannan matakin, wato kada a buɗe don a leƙa. Kowace buɗewa tana sakin tururin da ba zai dawo ba. In har an buɗe aka ga bai nuna ba, kada a mayar da murfi a ci gaba da jira, a mayar da tukunyar wuta ta sake tafasa minti 5, sannan ta koma akwati awa ɗaya ko biyu.

9. Idan miyar nama ce

Miyar dage-dage tana da wani sashe da akwati ba zai taɓa yi ba, shi ne suya. Markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu sai ruwansu ya ƙone, tsaminsu ya mutu, mai ya taso sama, kuma wannan aikin buɗaɗɗiyar tukunya ne a kan wuta. Wanda ya zuba ɗanyen markaɗe ya tafasa ya saka a akwati zai tarar da miya mai ruwa tsululu da tsamin ɗanyen tumatir. Don haka a fara soya kayan miya har su soyu, sannan a zuba naman da aka riga aka sulala da albasa, citta da tafarnuwa, tare da romonsa. Romon ya rufe naman kawai, kuma kaurin miyar ya zama yadda ake son cin ta, domin ba za ta ƙara kauri a akwati ba.

A yanka nama ƙanana, kada yanka ɗaya ya wuce santimita 4 zuwa 5, saboda babban yanka zai iya tafasa a waje alhali tsakiyarsa bai ɗauki zafi ba. Naman sa ko na rago yana son tafasar minti 20 zuwa 30 gaba ɗaya, sannan awa 3 zuwa 4 a akwati. Kazar gida mai tauri minti 20 da awa 3. Ƙafar sa da ganda su ne suka fi cin gajiyar wannan hanyar, amma sukan buƙaci zagaye biyu: tafasar minti 40, awa 4 a akwati, a sake tafasawa minti 10, a mayar awa 2 zuwa 3. Ganye irin alayyafo da kifi ba su da abin yi a akwati, a zuba su a ƙarshe a kan wuta. Haka kuka da kuɓewa, sai naman ya nuna ake kaɗa su.

Hattara: naman da ya fito daga firji da ƙanƙara sai ya narke gaba ɗaya kafin a ɗora shi.

10. Buɗewa da sanin ko abincin lafiya yake

Ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a abinci ne idan zafinsa ya sauka ƙasa da digiri 60. Tafasa tana kashe yawancinsu, amma akwai masu ɓuya cikin wani irin ƙwanso su tsira, su farfaɗo idan abinci ya koma ɗumi-ɗumi, musamman a nama da shinkafa da wake, kuma dafin da wasunsu ke bari ba ya mutuwa ko an sake ɗumamawa. Akwatin da ya riƙe abinci da zafi na awa 4 shi ne kuma zai riƙe shi cikin wannan ɗumin mai haɗari na wasu awanni idan aka manta da shi.

Saboda haka idan aka buɗe cikin awa 4 zuwa 5 aka tarar da murfi ba ya taɓuwa, tururi na tashi, ko ma'auni ya nuna sama da digiri 60, abincin lafiya yake. Miyar nama dai a mayar da ita wuta ta tafasa minti 5 kafin a zuba, a nan ne ma ake gyara gishiri. Mai son ya saka tukunya bayan isha'i domin sahur ya lissafa awannin, idan za su wuce 6 ya jinkirta sakawa, kuma da asuba ya sake tafasawa ko da abincin na da zafi. Idan kuwa aka buɗe aka ji tukunya ana iya riƙe ta da hannu, ba a kuma san tun yaushe ta huce ba, a zubar. Wari ko ɗanɗano ba sa nuna irin wannan lalacewar. Ragowar abinci kuma ba a mayar da shi akwati, a juye shi a faffaɗan mazubi ya huce da sauri.

Waken da ya fito da taurin tsakiya yana nuna ƙarancin jiƙo ko ƙarancin tafasa. Wanda samansa ya bushe ya yi tauri alhali na ƙasa ya nuna, ruwa ne bai rufe shi ba. Idan murfi da matashi sun jiƙe sharkaf, laifin murfin ne.

11. Kula da akwati

Bayan kowane girki a bar akwatin a buɗe, a shanya matashin da yadin. Da damina a riƙa fitar da ciyawar rana duk mako, domin danshi yana rage riƙon zafinta kuma yana kawo fumfuna. Idan miya ta zube a ciki, a cire ciyawar wurin nan take a sa sabuwa, in ba haka ba ɓeraye da kyankyasai za su mayar da akwatin gida. Ciyawa tana lotsawa da amfani, don haka duk bayan wata biyu ko uku a duba kaurin ƙasan, a ƙara har ya koma santimita 10, sannan a maimaita gwajin ruwa na mataki na 4.